Yadda Ɗan Wasan PUBG Mobile Zai Zama Manazarci, Koci ko Mai Sharhi

A babbar gasar PUBG Mobile ƙungiyoyi 16 ne ke shiga fili, kowace da 'yan wasa huɗu, amma a bayansu akwai koci mai tsara dabara, da manazarci mai bin diddigin abokan hamayya, da masu sharhin da ke bayyana wa 'yan kallo abin da ke gudana. A ganina nazari ne ya kamata a fara da shi, domin ba ya buƙatar saurin yatsa ko waya mai tsada, kuma sauran ayyukan biyu a kansa suke tsayawa.

Matakin farko shi ne ka san yadda ake lissafin maki. A tsarin da manyan gasanni ke bi a 'yan shekarun nan, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya tana samun maki 10, ta biyu 6, ta uku 5, a haka har ta bakwai da ta takwas masu maki ɗai-ɗai, daga ta tara zuwa ƙasa kuwa babu komai. Kowane abokin hamayya da aka fitar maki ɗaya ne. Ke nan ƙungiyar da ta fitar da mutum biyar ta ƙare a ta tara tana da maki 5, alhali wadda ta fitar da biyu kacal ta zo ta uku tana da 7. Wanda bai riƙe wannan lissafi ba zai riƙa yabon abin da ke jawo wa ƙungiya asara.

Mataki na biyu shi ne ainihin aikin, kuma yana cin lokaci. Zaɓi ƙungiya ɗaya da taswira ɗaya, misali Erangel, ka nemo bidiyon wasanninta a YouTube, ka ja layuka a littafi. A kowane wasa ka rubuta hanyar da jirgin saman da ke sauke 'yan wasa ya bi, da inda suka sauka, da inda da'irar farko ta faɗa, wato yankin tsira da ke ƙara tsukewa, da mintin da suka tashi, da wurin da suka rasa mutum na farko da dalilin rasa shi. Kada idonka ya bi harbi. Ƙaramar taswira za ka riƙa kallo, kana tsayar da bidiyon duk lokacin da da'ira ta sauya.

A ɗauka ka bi wasanni 12 na wata ƙungiya mai sauka a garin Mylta na Erangel. A huɗu daga ciki da'ira ta koma tsibirin Sosnovka, wanda gadoji biyu ne kawai suka haɗa shi da sauran taswirar, kuma a uku daga cikin huɗun an yi musu kwanton ɓauna a kan gada. Da ka duba littafinka sai ka ga ba sa tashi sai da'ira ta biyu ta bayyana, lokacin da wasu suka riga suka tare bakin gadar. Ashe matsalar ba ta harbi ba ce, jinkirin tashi ne, kuma shawararka ita ce su tanadi motoci tun suna sauka, su haye da wuri, ko su nemi jirgin ruwa. Sai dai ka faɗa musu gaskiya cewa wasanni huɗu kaɗan ne, kuma sabunta wasan yakan sauya lissafi, don haka a gwada shawarar a wasannin atisaye tukuna.

Na uku, ka mayar da binciken rahoto na shafi ɗaya, da hoton taswira mai alamu da shawarwarin da ba su wuce uku ba, ka kai wa ƙaramar ƙungiya. Irin waɗannan rahotanni su ne shaidar ƙwarewarka. Kafin aiki ya yi nisa ku rubuta yarjejeniya a kan kasonka, domin a ƙananan ƙungiyoyi kuɗin yakan fito ne daga kyautar gasa, kuma rigima takan taso ranar rabo.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Koci yana ƙara sauraron muryoyin 'yan wasa da aka naɗa, don ya gane ko umarnin jagora ne ya makara ko bin sa ne ba a yi ba. Mai sharhi kuma yakan yi aiki da abokin zama, ɗaya yana bin faɗa da zafinsa kamar sharhin ƙwallo a rediyo, ɗayan yana bayyana dalili idan ƙura ta lafa. Kashe sautin wani tsohon wasa, ka naɗi sharhinka da Hausa ta manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, sannan ka saurari kanka kana ƙirga sau nawa ka kira sunan ɗan wasa ba daidai ba. Ranar da za ka watsa gasa kai tsaye, ka sa jinkirin 'yan mintoci, don kada masu wasa su leƙo maɓoyar abokan hamayyarsu ta tasharka.