Ka kunna VPN, amma me kamfanin layinka yake gani har yanzu?

Tun lokacin da aka toshe kafofin sada zumunta a Chadi, daga Maris 2018 har zuwa Yuli 2019, VPN ta shiga wayoyin mutanenmu, daga Njamena har Kuseri da Marwa. Da yawa sun saka ta ne don WhatsApp ya buɗe, daga baya kuma suka ɗauka cewa da zarar ɗan makullin nan ya fito a saman waya, to sun ɓace wa kamfanin sadarwa. Wannan fahimtar tana damuna, domin mutum yakan saki jiki a inda bai kamata ba.

Idan babu VPN, kamfanin yana ganin sunan shafin da ka shiga da adireshin sabar da ka nufa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ko da yake ba ya karanta abin da ke ciki matuƙar adireshin ya fara da https. Saƙonnin WhatsApp ma dama a kulle suke. Abin da VPN ke yi shi ne ta naɗe duk zirga-zirgarka ta kai wa saba guda, don haka sunayen shafukan sun ɓoyu. Sai dai kamfanin yana ganin kana haɗe da wannan sabar, sau da yawa ma ya gane VPN ce, yana ganin ƙarfe nawa ka hau, ƙarfe nawa ka sauka, da yawan datar da ka ci. Layin kuma da katin shaidarka aka yi masa rajista, eriyar da wayarka ta kama tana nuna unguwar da kake. Kiran waya na yau da kullum, da tes, da lambobin tura kuɗi masu farawa da tauraro ko alamar #, duk ba sa bi ta VPN ko kaɗan.

Kuskuren da na fi son a gane shi ne na raba data. Ƙanina yana da shagon buga takardu a Garwa. Yakan kunna VPN a wayarsa ta Android, sannan ya raba wa kwamfutar shago data ta wayifai, hankalinsa kwance. Na ce masa ya buɗe dnsleaktest.com a wayar da kwamfutar a lokaci guda. Wayar ta nuna adireshin IP na Faransa, inda sabarsa take. Kwamfutar kuwa ta nuna Kamaru, da aka danna gwajin sai ga sunan kamfanin layinsa ɓaro-ɓaro. Ya dubi allon, ya ce: "Yaya, ashe duk watannin nan a fili nake aiki?" Haka ne. A yawancin wayoyin Android, VPN tana rufe manhajojin wayar ne kawai, datar da aka raba wa wata na'ura tana fita kai tsaye. Gyaran shi ne a saka VPN a kan kwamfutar ita kanta, a sake gwajin, a ga ƙasar ta canza.

Na biyu shi ne yankewa. Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa ya san yadda sabis ke ɗaukewa ya dawo. Idan ya dawo, manhajoji sukan riga VPN haɗuwa, kuma a cikin 'yan daƙiƙun nan kamfanin yana ganin inda kowacce ta nufa. Tun daga Android 8 akwai maganin wannan a saitin VPN: a kunna "VPN permanent" da "Bloquer les connexions sans VPN", ko "Always-on VPN" da "Block connections without VPN" idan wayar da Turanci take. Bayan haka, in VPN ta faɗi intanet ɗin gaba ɗaya zai tsaya. Kada ka yi zaton data ce ta ƙare, kariyar ce ke aiki.

A gwajin nan na dnsleaktest.com, ka lura da jerin da zai fito a ƙasa. Idan adireshinka ya nuna ƙasar waje amma sunan kamfanin layinka ya bayyana a jerin, to wayar tana tambayar kamfanin hanyar kowane shafi, wato yana ganin sunayensu duk da makullin. A duba saitin DNS, wato tsarin tambayar hanyar shafukan, a cikin manhajar VPN ɗin, in babu yadda za a gyara a canza ta.

Abin da aka ɓoye wa kamfanin layi kuma yanzu mai VPN ɗin ne ke ganinsa. Saboda haka ba na yarda da manhajar kyauta da wani ya tura mini a waya ba tare da na san masu ita ba. Ƙanina ya goge guda 2 irin waɗannan a ranar, ya bar ɗaya da ya san kamfanin da ya yi ta.