Babi na Bakwai: Doguwar Rabawa da Lamba Mai Gida Biyu

Darasi na ɗaya

Ɗauki fensir, ba biro ba, domin yau za a yi goge-goge. Ga matsalarmu: manoman rani 37 a Dadin Kowa sun yi noman haɗin gwiwa, suka samu shinkafa mudu 8,436. Mudu nawa kowa zai samu?

Rubuta 8436, ka ja layi a samansa. Rubuta 37 a hagunsa. Amsa a saman layin za ta zauna. Daga hagu ake farawa.

Dubi lambar farko, wato 8. Akwai 37 a cikin 8? Babu. To, haɗa ta da ta kusa da ita, ta zama 84. Yanzu tambayar ita ce, 37 nawa ne a cikin 84?

A nan ne mutane ke tsayawa suna kallon allo, don ba wanda ya haddace sau na 37. Ba sai ka haddace ba. Kintata za ka yi. Lamba 37 ta fi kusa da 40, saboda haka ɗauke ta a matsayin 40. Rufe sifilin da yatsa, saura 4. Rufe lambar ƙarshe ta 84 ita ma, saura 8. Huɗu nawa ne a cikin takwas? Biyu. Wannan biyun tayi ne kawai, irin na kasuwa, ba a sallama ba tukuna. Sai an gwada.

Gwadawar da 37 ake yi, ba da 40 ba. 37 sau 2 ya ba da 74. Rubuta 74 a ƙarƙashin 84, ka ɗebe. Saura 10. Yanzu dakata, ka dubi sauran nan, ka dubi 37. Goma bai kai 37 ba, ke nan biyun ta zauna. Rubuta 2 a saman layi, daidai kan 4.

Sauko da 3 kusa da 10, ya zama 103. Rufe 3, saura 10. Huɗu nawa a cikin goma? Biyu. 37 sau 2, 74. Ɗebe 74 daga 103, saura 29. Dakata kuma. Dubi saura, dubi 37. Ashirin da tara bai kai ba. Rubuta 2 a kan 3.

Sauko da 6, ya zama 296. Rufe 6, saura 29. Huɗu nawa a cikin 29? Bakwai. 37 sau 7 ya ba da 259. Ɗebe daga 296, saura 37. Dakata! Sauran ya kai 37 cif, wato akwai mudu ɗai-ɗai da kowane manomi zai ƙara samu, kai kuma ka bar shi a ƙasa. Bakwai ta yi kaɗan. Goge ta, ka sa 8. 37 sau 8 ya ba da 296, ba saura. Kowa ya samu mudu 228.

Kada goge bakwai ɗin ya dame ka, Malam, kada ya dame ki, Malama. Mun ɗaga 37 zuwa 40, shi ya sa tayin kan yi ƙasa. Amma ina roƙonku, bayan kowace ɗebewa ku kwatanta saura da lambar da kuke rabawa da ita. Kullum ina faɗa, amma in na zaga aji sai in tarar mutum ya bar saura 37 ko 45 ya wuce abinsa, har ya ƙara wata lamba a amsa, 227 ta koma 2271. Manomi zai samu mudu dubu biyu daga dubu takwas, alhali su talatin da bakwai ne? Wannan gaggawa ce, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. In saura ya kai mai rabawa ko ya fi shi, ƙara ɗaya a tayinka. Ɗebe, dakata, kwatanta, sannan ka sauko da lamba.

Darasi na biyu

Wani lokaci tayin yawa yake yi. Raba 1518 da 23. Babu 23 a cikin 15, sai a ɗauki 151. Ɗauki 23 a matsayin 20. Biyu nawa a cikin 15? Bakwai. 23 sau 7 ya ba da 161, ya fi 151, ba zai ɗebu ba. Rage ɗaya. 23 sau 6, 138, saura 13. Kwatanta da 23. Sauko da 8, ka ƙarasa da kanka. Amsa 66.

Darasi na uku

In ka sauko da lamba amma har yanzu bai kai mai rabawa ba, rubuta 0 a sama kafin ka sauko da wata. 3296 raba 16 ya ba da 206, ba 26 ba.

Aikin gida: raba 2,184 da 28, da 4,738 da 46. Ninka amsarka da mai rabawa, ka ga ko ta dawo da lambar farko.