Babi na Bakwai: Cajin da Ake Cira a Jarinku Ba Tare da Kun Gani Ba

Darasi na ɗaya: Ina kuɗin suke fita?

Kowa a ajin nan ya san mai adashin gata. Kuna zuba masa kullum har wata ya cika, ranar kwasa sai ya riƙe zubin kwana ɗaya, shi ne ladansa. Kun san da shi tun farko, kuma da idonku kuke ganin ya cire. Wannan ba ya rikita kowa.

To, akwai wani asusu da ake tara kuɗin mutane da yawa wuri guda, kamfani ya juya su a hannayen jari, ko sukuk, wato takardun zuba jari da aka tsara bisa shari'a ba kuɗin ruwa, ko takardun bashin gwamnati, abin da aka samu a raba wa kowa gwargwadon abin da ya zuba. Shi muke kira asusun zuba jari na haɗin gwiwa. A Najeriya hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannayen jari, ita ce ke yi wa irin waɗannan asusu rajista, kuma akwai waɗanda aka tsara bisa shari'a ga mai gudun kuɗin ruwa. Su ma suna karɓar lada. Sai dai nasu ba ya zuwa da alat, kuma yawanci ba za ku ga layin da aka rubuta "an cire kaza" a takardar asusunku ba. Ana lissafa shi kaɗan-kaɗan kowace rana daga cikin tarin kuɗin, kafin a fitar da farashin kasonku na ranar. Adadin da ya bayyana a wayarku, an riga an ɗebi nasu.

Ba mutum ɗaya ke ci ba. Akwai kamfanin da ke juya kuɗin, shi ke ɗaukar kaso mafi girma. Akwai bankin da ke ajiye kadarar, da amintattun da ke sa ido a madadinku, da masu riƙe rajistar sunaye, da masu binciken lissafi. Idan aka haɗa abin da duka suka ci a shekara, aka auna shi da yawan kuɗin da ke asusun, adadin da ya fito shi ake rubutawa da Turanci a takardar asusun kamar haka: Total Expense Ratio. Ku kwafe kalmomin nan uku a bayan littafinku, harafi bayan harafi. Ba sai kun iya furta su ba, ku dai iya gane su idan kun gan su. Mu a nan za mu riƙa cewa jimlar cajin shekara.

Darasi na biyu: Kashi nawa, kuma na me?

Nan ne kowace shekara ɗalibaina ke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ya ji kunya.

Za ku ga lamba da wata alama a gefenta, kamar haka: 2%. Alamar tana nufin "cikin ɗari". Wato naira 2 cikin kowace naira 100. Tambayar ita ce, cikin ɗarin me? Yawancin mutane sai su ce cikin riba. A'a. Ana cire cajin shekara daga dukan kuɗinku da ke cikin asusun, uwar kuɗi da ribar da ta taru a kanta.

Mu gwada. Kun zuba naira 100,000, cajin shekara 2%. Ku rufe sifiri biyu na ƙarshe da yatsa. Me ya rage? 1,000. Wannan shi ne kashi 1 cikin 100. Tunda cajin 2 ne, sai ku ninka sau biyu: naira 2,000. Ka ga abin da za a ɗauka a shekarar ke nan, ko kusa da haka, domin kuɗin suna hawa suna sauka cikin shekara.

Yanzu a ce kuɗin nan sun kawo riba naira 10,000. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a ajinmu na bara ta ce, "Malam, ai naira 200 ke nan, ba komai ba ne." Ta rufe sifirin riba ne maimakon sifirin uwar kuɗi. Na ce mata, "Hajiya, sake duba wace lamba yatsanki yake kai." Ba 200 ba ne, aƙalla 2,000 ne. Kuma 2,000 cikin ribar 10,000 kashi ɗaya bisa biyar ne. Abin da ya yi kama da ɗan ƙanƙani a takarda ya cinye ɗaya cikin biyar na ribarta.

Mu sake da wata lamba. Naira 50,000, caji 3%. Daga ina ake cirewa? Daga dukan kuɗin. Ku rufe sifiri biyu: 500. Sau uku: 1,500. Madalla.

Mu sake. Naira 250,000, caji 1%. Daga dukan kuɗin. Sifiri biyu a rufe: 2,500. Sau ɗaya, 2,500 ɗin ne.

To idan shekarar ba a ci riba ba fa? A ce 100,000 ɗinku sun faɗo zuwa 90,000. Nan ma wasu kan ce ai ba za a cire komai ba, tunda babu riba. Za a cire. Ku rufe sifiri biyu na 90,000, ya zama 900, sau biyu 1,800. Kun yi asara, su sun karɓi ladansu, domin tun asali ba daga riba ake cirewa ba.

Na san na maimaita har kun gaji. Amma a jarrabawar da ta wuce, bayan mun yi mako guda a kan wannan, wasu sun sake lissafa cajin a kan riba. Haba jama'a! Wanda ya je kasuwa bai yarda a cuce shi ƙwandala a awon masara ba, me zai sa ya yi sakaci da wannan? Kafin ku taɓa alƙalami ku faɗa a baki: daga dukan kuɗin, kowace shekara, da riba ko babu.

Darasi na uku: Abin da shekara ashirin ke yi

Wanda ya taɓa ba da kiwo zai gane wannan da sauri. Idan aka cire akuya ɗaya daga garkenku bana, ba ita kaɗai kuka rasa ba, har da 'ya'yan da za ta haifa, da 'ya'yan 'ya'yanta. Naira 2,000 da aka cire bana ita ma da ta zauna da ta haifi riba baɗi, ribar ta haifi wata.

Ga misali, kuma lambobin nan na koyo ne, babu asusun da ya yi muku alkawarinsu. Wa da ƙane, kowa ya zuba naira 100,000 ya bar su shekara 20 bai taɓa ba. Asusun kowannensu yana samun 12% a shekara kafin a cire caji. Asusun wan yana cajin 1%, saura 11 ke nan. Na ƙanen yana cajin 3%, saura 9.

Shekarar farko: wa yana da 111,000, ƙane yana da 109,000. Tazarar 2,000 ce kawai, ƙane ma ba zai lura ba. Bayan shekara 5, wa yana da kusan 168,500, ƙane kusan 153,900. Bayan shekara 10, wa ya kai kusan 284,000, ƙane 237,000. A shekara ta 20, wa yana da kusan 806,000, ƙane kuwa kusan 560,000.

Ku cire 560,000 daga 806,000. Saura 246,000. Ya ninka abin da ƙanen ya zuba tun farko fiye da sau biyu, kuma ba ranar da aka turo masa saƙo cewa an cire ko sisi. Duk wata da ya duba wayarsa kuɗinsa sun ƙaru, yana murna. Ku lura kuma yadda tazarar ta buɗe: a shekara goma na farko 47,000 ce, sauran kusan 200,000 duk a goma na biyu suka shigo. Shi ya sa mai ajiyar wata shida abin bai cika damunsa ba, amma mai tara wa tsufa ko karatun yara dole ya tsaya ya duba.

Hattara da abu biyu. Na farko, ribar da asusu ya buga cewa ya samu a bara, yawanci bayan an cire cajin shekara ne, don haka kada ku sake cirewa sau biyu. Ku tambayi ma'aikacin: "Ranka ya daɗe, wannan ribar kafin caji ce ko bayan caji?" Na biyu, a auna asusu da irinsa. Na hannayen jari da na hannayen jari, na sukuk da na sukuk. Mai tsada yakan ce ƙwarewarsa ce kuke biya. Wataƙila, amma riba ba ta da tabbas, caji kuwa tabbas ne za a cire.

Darasi na huɗu: Waɗanda ba sa cikin babbar lambar

Talla takan nuna muku Management Fee kawai, wato ladan kamfanin da ke juya kuɗin. Wannan ɓangare ne, ba jimla ba. Ku nemi jimlar.

Bayan ita akwai tarar fita da wuri. Asusu da yawa suna sa mafi ƙarancin kwanakin da kuɗi za su zauna, idan kuka cire kafin su cika a yanke wani abu, sau da yawa daga ribar da kuka tara. Wasu asusun suna da farashi biyu, Offer Price da kuke saye da shi, da Bid Price da ake biyanku idan za ku fita. Idan na biyun ya gaza na farkon, bambancin daga aljihunku ne. Wasu kuma suna karɓar ƙarin lada in ribar ta wuce wani mizani. Idan ta manhajar waya kuka shiga, ku tambaya ko ita ma tana da nata kason.

Duk waɗannan suna rubuce a takardu biyu, Fact Sheet da Prospectus. Ku ce a ba ku. Wanda karatunsa bai kai ba tukuna ya kawo aji mu karanta tare, amma kada ya sa hannu kafin nan.

Darasi na biyar: Aikin gida

1. Naira 80,000, caji 2%. Nawa za a cire a shekara?
2. Naira 200,000 sun kawo ribar 20,000, caji 3%. Nawa za a cire, kuma daga ina?
3. Naira 60,000 sun faɗo zuwa 50,000, caji 2%. Za a cire? Nawa?

A kawo ranar Laraba. Wanda ya ba ni 600 a tambaya ta biyu ya koma darasi na biyu.