Darasi: Share CMOS da kariyar da ke tafiya tare da shi

A kan babban allon kowace kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa. Ƙarfinsa bolt 3 ne, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Shi ke riƙe agogon kwamfuta da saitin BIOS, wato manhajar cikin allon da ke fara aiki kafin Windows, lokacin da babu wuta. Idan aka cire shi na ɗan lokaci, ko aka haɗa ƙusoshin da aka tanada don haka, allon ya kan manta saitin da mai shi ya yi, ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Wannan shi ake kira share CMOS.

Aikin kansa ba ya cin minti 10. Inda ake samun matsala shi ne bayansa, domin saitin da aka share ya haɗa da na tsaro, kuma kwamfutar ba za ta gaya muku cewa an buɗe ƙofofinta ba. Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: kwamfutar tebur ta wani shagon buga takardu kusa da babbar kasuwar Maradi, mai Windows 11. Yaron shagon da ya sa kalmar sirri a BIOS ya bar aiki, mai shago kuma yana son sauya saiti, an rasa hanyar shiga.

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya

Da farko ku tabbatar mai kwamfutar ne ya kawo ta. Sannan ku gwada wani abu mai sauƙi. Yawancin madannan da ke hannunmu a nan AZERTY ne, amma BIOS da yawa suna karanta su kamar QWERTY. Wanda ya danna A, sai BIOS ta rubuta Q. Idan an sa kalmar da wani madanni, aka zo buɗewa da wani daban, za ta ƙi ko da ba a manta ta ba. Ku gwada musanya A da Q, da Z da W, ku lura kuma M ba a wuri ɗaya take ba.

Idan hakan bai yi ba, abu na gaba shi ne BitLocker, kuma nan ne ya kamata ku fi natsuwa. BitLocker yana kulle duk abin da ke cikin faifai, yana ajiye mabuɗin a wani ɓangare mai suna TPM. Duk lokacin da kwamfuta ta tashi, TPM yana duba ko saitin tashi yana nan yadda ya san shi. In ya ga canji, sai ya ƙi sakin mabuɗin, shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Wanda ba shi da lambobin nan, kuma ya kasa mayar da saitin yadda yake, takardunsa sun tafi. Babu mai gyaran da zai fito da su, a Maradi ko a Kano.

Tunda Windows na misalinmu yana tashi, sai ku buɗe `cmd`, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa ku rubuta:

```
manage-bde -status
manage-bde -protectors -get C:
```

Layi na farko yana nuna ko faifan a kulle yake. Na biyu yana fito da lambobi 48 ɗin, rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Ku rubuta su a takarda da hannu, ku karanta wa mai kwamfutar ya duba, ku ba shi ya ajiye. Daga nan ku dakatar da kariyar:

```
manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 0
```

Sifirin nan yana nufin dakatarwar za ta ci gaba har sai kun mayar da kanku. In ba ku sa shi ba, kariyar tana dawowa bayan tashi ɗaya, alhali ba ku gama gyaran saitin ba.

Da a ce ana iya shiga BIOS, da sai a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Tunda ba a iya, ku buɗe `msinfo32` a cikin Windows ku rubuta abin da ya nuna game da yanayin BIOS, ko sabon tsari ne mai suna `UEFI` ko tsohon tsari mai suna `Legacy`, da kuma ko `Secure Boot`, kariyar da ke hana tashi da tsarin da ba a amince da shi ba, a kunne yake.

Yadda ake sharewa

Ku kashe kwamfutar, ku zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya. Kashewa kawai ba ta isa ba, domin muddin wayar tana jone, akwatin wuta yana ci gaba da ba allon bolt 5, kuma wannan ya isa ya riƙe saitin ko an cire batirin. Shi ne dalilin da ya fi sa mutum ya ce ya cire batiri amma kalmar sirri tana nan. Bayan zare wayar, ku danna maɓallin kunnawa ku riƙe na daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta zube.

Ku buɗe murfin, ku taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ku taɓa allon. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki yana tara wutar da mu kan ji tana tsartuwa idan mun taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai tana iya lalata allo. In ƙura ta rufe rubutun allon, ku share da busasshen buroshi.

Hanya ta farko ita ce ta jamfa, wata ƴar hular roba da ke haɗa ƙusoshi biyu. Ku nemi rubutu kusa da batirin: `CLRTC` a allunan ASUS, `JBAT1` a na MSI, `CLR_CMOS` a na Gigabyte, `RTCRST` a tsofaffin Dell. In ƙusoshin 3 ne, hular tana zaune kan na 1 da na 2. Ku mayar da ita kan na 2 da na 3, ku ƙirga daƙiƙa 10, ku dawo da ita mazauninta. In ƙusoshin 2 ne kuma babu hula, ku haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa 10. Kada a kunna kwamfuta hular tana wurin sharewa. Yawanci ba za ta tashi ba, kuma masu ƙera allunan suna gargaɗin cewa hakan na iya ɓata allon.

Hanya ta biyu ita ce cire batirin. Ku tura ɗan ƙarfen da ke riƙe shi da farce, zai ɗago da kansa. Kada ku banƙare shi da sukudireba, mazauninsa roba ne, zafi ya riga ya busar da shi. Ku jira minti 5 ku mayar, gefen da ke da alamar + yana sama. Tunda yana hannunku, ku auna shi da mita. In ya sauka ƙasa da bolt 2.8 ko kusa da haka, ku sa sabo.

Abin da ya tafi da abin da ya rage

A allunan da ake haɗawa, irin ASUS da MSI da Gigabyte, kalmar sirrin BIOS galibi tana tafiya tare da sauran saiti. A kwamfutocin ofis na Dell da HP, waɗanda suka fi yawa cikin tsofaffin kwamfutocin da ake kawowa, ba haka ba ne. Da yawa daga cikinsu suna da jamfa ta daban mai rubutu `PSWD`, kuma share CMOS ba ya taɓa kalmar. Ana cire wannan hular, a kunna kwamfutar sau ɗaya, a kashe, a mayar da ita. A kwamfutar hannu kuwa kada ku wahalar da kanku. Yawancinsu suna ajiye kalmar a ma'ajiyar da ba ta buƙatar wuta, ko batirin ya kwana a waje tana nan.

Tsarin tashi ma, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa don ta tashi, yana komawa na masana'anta. In mai shago ya hana tashi daga USB don kada wani ya zo da nasa tsarin ya kwashe takardun mutane, wannan hani ya tafi. Haka duk wata kafar USB da aka rufe, da alamar da ke nuna an taɓa buɗe akwatin a allunan da ke da ita. A ganinmu wannan shi ne mafi haɗari, domin kwamfutar tana tashi lafiya lau, ba wanda zai lura.

`Secure Boot` da TPM suna komawa yadda masana'anta ta bar su, kuma wannan ya danganta da shekarun allon. Allunan haɗawa da yawa da aka yi kafin Windows 11 ya fito a 2021 suna zuwa da TPM a kashe. A cikin BIOS za ku same shi da sunan `PTT` a na Intel, `fTPM` a na AMD. Share CMOS ba ya goge abin da ke cikin TPM, kashe shi kawai yake iya yi, in an kunna ya dawo da kayansa. Amma ku kiyayi layin da aka rubuta `Clear TPM`. Wannan gogewa ce ta gaske.

Abubuwa 3 kuma ba su motsi ko kaɗan: kalmar shiga Windows, kullen BitLocker, da kalmar sirrin da aka ɗora wa faifan kansa, wadda ke bin faifan ko an kai shi wata kwamfuta.

Tashi na farko

Da kun kunna, wataƙila za ku ga saƙo irin `CMOS checksum error` ko a ce ku danna F1. Alama ce ta cewa sharewar ta yi. Ku shiga BIOS kafin Windows ya tashi: F2 a Dell, F10 a HP, `Del` ko `Suppr` a sauran. Ku fara da kwanan wata da lokaci, domin agogon ya koma shekarun baya, kuma da agogo mara daidai shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa suna nuna `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`.

A misalinmu, a ce an gyara agogo an fita, sai Windows ya tsaya da shuɗin allo mai rubutu `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`. Faifan bai lalace ba, kuma kada a yi gaggawar sake ɗora Windows. Saitin `SATA`, wato yadda allon ke magana da faifai, shi ne ya sauya: an ɗora Windows yana kan `AHCI`, sharewa ta mayar da shi `RAID`, ko akasin haka. Ku koma BIOS ku sauya shi zuwa ɗayan. In kuma aka ce babu faifan tashi sam, ku duba takardar da kuka rubuta daga `msinfo32`, ku mayar da `UEFI` ko `Legacy` yadda yake a da.

Sai ku kunna TPM, ku mayar da `Secure Boot` yadda kuka same shi, ku sa faifan ciki a farkon tsarin tashi, ku sake rufe tashi daga USB. Mai shago ya zaɓi sabuwar kalmar sirrin BIOS da kansa, wadda babu A, Q, Z, W ko M a cikinta, ya rubuta a takardar da ke ɗauke da lambobi 48. Bayan Windows ya tashi, ku duba `tpm.msc` ya nuna TPM a shirye yake, sannan ku mayar da kariyar:

```
manage-bde -protectors -enable C:
```

Ku sake kunna kwamfutar sau 2 a gaban mai ita. In ta shiga Windows ba tare da neman lambobi 48 ba, kuma BIOS ta nemi sabuwar kalma da kuka gwada shiga, sai a rufe murfi. In akwatin yana da ramin kwaɗo a baya, a sa masa kwaɗo, tunda duk wanda ya iya buɗe murfin zai iya maimaita abin da kuka yi.