Darasi Kan Kalanda: Ina Kwana Goman Suka Tafi?

A birnin Rum na ƙasar Italiya, mutane sun kwanta barci ranar Alhamis, 4 ga Oktoba, 1582. Da gari ya waye Juma'a ce, kamar yadda kowa ya zata, sai dai kwanan watan 15 ga Oktoba ne. Babu 5 ga wata, babu 6, har zuwa 14. Watan Oktoba na wannan shekarar kwana 21 kawai ya yi a can. Kafin mu ga dalili, ku riƙe misali ɗaya a zuci, don shi za mu bi har ƙarshen darasin.

A ce kana da agogon bango da ke yin baya da minti ɗaya kowace rana. Yau ba za ka lura ba, gobe ma haka. Amma bayan wata biyu za ka ji ladan ya kira azahar agogonka yana nuna saura awa guda. Me za ka yi? Za ka tura hannun agogon gaba ya daidaita da lokaci. Awar da hannun ya tsallake ba ta fita daga rayuwarka ba, agogon ne dama yake a baya. Sannan in kana so matsalar ta ƙare, sai ka kai shi wurin mai gyara ya daina yin bayan. Waɗannan ayyuka biyu, turawa gaba da gyaran ciki, su ne aka yi wa kalanda a 1582.

Daga ina kuskuren ya fito?

Shekarar rana ita ce tsawon lokacin da yanayi ke ɗauka ya zagayo inda ya faro, kamar daga farkon bazara zuwa farkon wata bazarar. Tsawonta kwana 365 ne da awa 5 da minti 48 da kusan daƙiƙa 46. Kalanda kuwa ba ta iya rubuta guntun kwana, sai cikakke. Nan wahalar take.

Yuliyus Kaisar, shugaban Rumawa, ya kafa kalandarsa, ta fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani masanin taurari daga Iskandariya ta Masar ne ya ba shi shawara. Sun ɗauki guntun nan a matsayin awa 6 cif. Awa 6 sau huɗu awa 24 ke nan, wato kwana guda. Sai aka ce duk shekara ta huɗu a ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu, shekarar ta zama kwana 366. Malaman hisabi suna kiran irin wannan shekara kabisa, mu a darasin nan za mu ce mata doguwar shekara.

Dabarar ta yi kyau ƙwarai, kuma ya kamata a yaba wa masu ita, domin sun kusa dacewa. Amma awa 6 ta fi ainihin guntun da kusan minti 11 da daƙiƙa 14. Ke nan shekarar Yuliyus ta ɗan fi shekarar rana tsawo, kalandar tana jinkirin juyawa, tana yin baya kamar agogon nan. Ku ɗauki alƙalami mu lissafa. Kwana ɗaya minti 1,440 ne. Idan ana tara minti 11 da 'yan kai kowace shekara, sai an yi wajen shekara 128 kafin su cika kwana guda. Mutum zai yi rayuwarsa duka bai ga bambanci ba, jikansa ma haka. Amma ƙarni bayan ƙarni, ɗigo-ɗigo, tulu ya cika.

Waɗanda abin ya fi damu su ne shugabannin coci, saboda bikin Ista. Ana lissafa ranar bikin ne daga ranar da dare da yini ke yin daidai a watan Maris. A zamanin babban taron coci na garin Nikiya, a shekarar 325, wannan rana tana faɗowa wajen 21 ga Maris, kuma a kan 21 ɗin lissafin coci ya zauna. Daga 325 zuwa 1582 shekara 1,257 ce. Ku raba 1,257 da 128, za ku samu kusan 10. Shi ya sa a ƙarni na 16 dare da yini suke daidaita wajen 11 ga Maris, alhali littafin coci yana cewa 21. Sama ta riga takarda da kwana goma.

Gyaran Paparoma Giregori

Paparoma Giregori na 13 ya fitar da umarni a watan Fabrairu na 1582, bisa aikin masana lissafi da taurari. Da farko aka tura hannun agogon: daga 4 ga Oktoba sai 15. Ku lura da kyau, ranakun mako ba a taɓa su ba. Alhamis ta wuce, Juma'a ta biyo ta. Lambobin wata kaɗai aka tsallake.

Na biyun shi ne gyaran ciki, kuma shi ne ya fi muhimmanci ko da yake ba a cika ba da labarinsa ba. Tunda kuskuren kwana ɗaya ne a shekara 128, to kusan kwana uku ne a shekara 400. Sai aka ce a rage doguwar shekara uku a cikin kowace 400. Ga ƙa'idar: shekarar da 4 ke raba ta ba saura doguwa ce, kamar 2024. Amma shekarar da ta ƙare da sifiri biyu ba za ta zama doguwa ba sai idan 400 ta raba ta ba saura. Don haka 1600 da 2000 dogaye ne, amma 1700 da 1800 da 1900 ba su da 29 ga Fabrairu. A kalandar Yuliyus kuwa dukkansu dogaye ne. Wannan kalanda ta Giregori ita ce ta jikin bangon ɗakinku da ta cikin wayarku, wadda muke kira ta Miladiyya ko ta Bature.

Daga nan za ku gane abin da ya sa tazarar kalandun biyu ba ta tsaya a kwana goma ba. Duk lokacin da tsohuwar ta saka 29 ga Fabrairu, sabuwar ba ta saka ba, tazarar ta ƙaru da kwana ɗaya. A 1582 kwana 10 ce. Bayan Fabrairun 1700 ta zama 11, bayan na 1800 ta zama 12, bayan na 1900 ta zama 13. A 2000 duka biyun sun saka, sai ta tsaya a 13, kuma haka take yau. Bayan Fabrairun 2100 za ta koma 14.

Ƙasashe ba su sauya tare ba. Sifaniya da Fotugal da Folan sun bi umarnin a Oktoban 1582, Faransa ta bi a Disamba. Ƙasashen da ba sa bin Paparoma suka ƙi, wasu shekaru aru-aru. Rasha sai a 1918 ta sauya, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu. Girka ta bi a 1923. Wanda ya fi jinkiri, shi ya fi tsallake kwanaki da yawa.

Haya da bashi a Ingila, 1752

Mu tsaya a Ingila, domin a can ne za mu ga yadda abin ya shafi aljihun talaka. Ingila da yankunan da take mulka sun sauya a 1752. Laraba 2 ga Satumba ta wuce, washegari Alhamis 14 ga Satumba. Kwana 11 ne wannan karon, saboda 1700 ta riga ta ƙara ɗaya. Satumban ya yi kwana 19.

Tambayar da kowane mai hankali zai yi ita ce: wanda ake bi bashi fa? Dokar majalisar ƙasar ta yi tanadin wannan. Ta ce biyan haya da bashi da wa'adin yarjejeniyar da aka riga aka ƙulla, duk za su cika ne bayan ainihin adadin kwanakin da za su cika da ba a yi sauyin ba. A ce wani mai shago a Landan ya ranci kuɗi ranar 1 ga Satumba, 1752, zai biya bayan kwana 30. A tsohon lissafi ranar biya 1 ga Oktoba ce. Mu ƙirga da yatsu a sabon lissafi. Ranar 2 ga Satumba kwana ɗaya. Ranar 14 kwana biyu. Daga nan zuwa 30 ga Satumba an ƙara 16, sun zama 18. Saura 12, wato 12 ga Oktoba. Mai bashi ba shi da ikon zuwa ƙofar shagon ranar 1 ga Oktoba, domin a ranar kwana 19 kacal aka yi. Lebura mai karɓar kuɗin yini shi ma bai yi asarar komai ba: ranakun da ya yi aiki aka biya shi, kuma bai ci abincin kwana 11 ɗin da ba a yi ba.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa jama'a sun yi bore a tituna suna neman a dawo musu da kwanakinsu goma sha ɗaya. Masana tarihi sun bincika ba su sami shaidar boren ba, don haka kada ku ɗauke shi a matsayin abin da ya faru.

Inda tsohuwar kalandar take har yau

Ba ta mutu ba. Cocin Rasha da na Sabiya suna lissafin bukukuwansu da ita, shi ya sa suke Kirsimeti ranar 7 ga Janairu. A wurinsu ranar 25 ga Disamba ce. Ku ƙara 13 a kan 25, ku sami 38, ku cire kwana 31 na Disamba, saura 7. Juyin juya halin Rasha na 1917 ana kiransa na Oktoba don ya faru 25 ga Oktoba a tsohuwar kalanda, amma 7 ga Nuwamba ake tunawa da shi. Manoman Arewacin Afirka ma suna da lissafin watannin noma da ya samo asali daga kalandar Yuliyus, kuma a Maroko ranar 14 ga Janairu ce farkon shekarar Amazigawa, wato mutanen asali na wannan yanki.

Kuskure biyu ne ɗalibai suka fi yi. Na farko shi ne ƙara 13 a kowane tsohon kwanan wata. A'a, sai an duba ƙarnin. Littattafan tarihi suna cewa 1 ga Muharram na shekarar Hijira ta farko ta dace da 16 ga Yuli, 622. Wannan a lissafin Yuliyus ne, kuma a wancan ƙarnin tazarar kwana 3 ce kawai, don haka in an mayar da ita lissafin Giregori 19 ga Yuli ce. Na biyu shi ne haɗa wannan magana da kwana 11 da shekarar Hijira ke gaza ta Miladiyya. Wancan dalilinsa daban ne: shekarar Hijira ta wata ce, kwana 354 ko 355, shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani. Kalandar Yuliyus da ta Giregori kuwa duka biyun na rana ne.

Aikin gida: an haifi wata yarinya a Mosko ranar 20 ga Janairu, 1918, a tsohuwar kalanda. Ku nemo kwanan watan haihuwarta a sabuwar kalanda. Sannan ku ƙirga kwana nawa take da shi a duniya ranar 14 ga Fabrairu, ku zo da amsar aji na gaba tare da yadda kuka yi lissafin.