Kafin ka rubuta kan ajiyar wake

Fara da rubuta “yadda ake adana wake” a Google, ka buɗe rubuce-rubuce 5 na sama, ban da talla. Karanta kowanne har ƙarshe, kana lissafa a takarda tambayoyin da ya amsa.

Sannan ka ɗauki takardar ka zauna da mai sayar da wake a kasuwar Maradi. Tambaye shi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Wataƙila duka rubuce-rubucen biyar sun yabi buhun PICS, wato buhu mai leda a ciki da ke hana iska shiga, amma babu wanda ya ce in ledar ciki ta huje, iska za ta shiga, ƙwari su farfaɗo. Giɓin ke nan, kuma da shi za ka buɗe naka rubutun.

In duka sun amsa wata tambaya, taɓa ta a gajarce. Kada ka kwafi jimlar kowa.