Kurakuran rubutun talla da ke hana mai saye turo saƙon oda

Masu sayar da kaya ta waya a Sakkwato sun iya ɗaukar hoto, amma da yawa suna rasa ciniki a 'yan layukan da ke ƙasan hoton. Mutum ya ga kaya, ransa ya biya, sai rubutun ya bar shi da tambayoyi uku ko huɗu. Mai ƙoƙari ya turo "nawa na?", sauran kuwa su wuce abinsu. Aikin rubutun ƙasan hoto ɗaya ne: ya amsa duk abin da mai saye zai tambaya, sannan ya faɗa masa abin da zai rubuto, don saƙon farko da zai shigo ya zama oda.

Bari mu ɗauki kaya guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kana zaune a Mabera, kana da takalmin fata na maza, ɗinkin hannu, wanda dukawa suka yi maka. Ga irin rubutun da aka saba gani a ƙasan hoton:

"Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Sababbin kaya sun iso, masu kyau da inganci da rahusa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. DM for price."

Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da mai saye zai riƙe. Bai san lambar takalmin ba, bai san kuɗinsa ba, bai ma san ko a Sakkwato kake ko a Kano ba.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kasuwa shi ne ɓoye farashi. Masu yin haka suna da dalilansu. Wani yana tsoron abokin sana'a ya gani ya karya kuɗi, wani yana so a shigo a yi ta ciniki, wani kuma yana jin yawan saƙo shi ne kasuwa. To amma duba daga ɓangaren mai saye. A cikin Babbar Kasuwa mutum zai taya kaya, in bai yi masa ba ya ce "Allah ya ba da kasuwa" ya wuce, ba wanda ya san sunansa. A waya kuwa in ya tambaya, lambarsa da hotonsa sun shiga hannunka, in kuɗin ya fi ƙarfinsa sai ya yi shiru da kunya. Mutane da yawa, musamman dattawa da matan aure da za su saya wa maigida, sun gwammace kada su fara. Wasu kuma suna zargin cewa farashin yana canzawa ne gwargwadon wanda ya tambaya, kuma a gaskiya akwai masu yin hakan.

Za ka gane wannan ciwon yana damunka in ka buɗe saƙonninka ka ga yawancinsu "nawa?" ne, ka ba da amsa, daga nan babu ko gaisuwa. Maganinsa ka rubuta kuɗin da lambobi: ₦12,000, misali. In akwai ragi ga mai ɗaukar ƙafa uku zuwa sama, faɗi nawa ne. In babu ragi, rubuta "kuɗinsa ke nan" cikin ladabi. Saƙonni za su ragu, wannan kam haka ne, amma waɗanda suka rage na masu kuɗi a hannu ne. Abokin sana'ar da kake ɓoye wa kuwa, in yana son sanin farashinka zai sa ƙanensa ya tambaya.

Sai wurin da aka ajiye bayanin. Facebook da Instagram ba sa nuna dogon rubutu gaba ɗaya, suna yanke shi bayan layukan farko, sai mutum ya latsa kafin ya ga sauran. A Instagram abin da ke fitowa bai wuce layi biyu ba. In sallama da "barkanmu da wannan lokaci" suka cinye wurin, sunan kaya da kuɗinsa sun nutse. Ban ce a bar sallama ba, ai ba tarbiyyarmu ba ce. A taƙaita ta, ko a bar cikakkiyar gaisuwa sai an shigo saƙo, inda za ka gaida mutum da sunansa, ka ce Alhaji ko Hajiya ko Malam yadda ya dace. Layin farko na kaya ne da kuɗinsa.

Yabo ma yana cin wuri ba tare da ya sayar da komai ba. "Mai kyau da inganci" kowa yana rubutawa, har mai sayar da roba. Abin da ke sa a yarda da kai shi ne bayanin da za a iya kama ka da shi in ka yi ƙarya. Saman takalmin fatar akuya ce ko ta saniya? Ƙasansa roba ne ko fata? Ɗinki ne ko gam? Sakkwato an san ta da jar akuya mai kyawun fata, kuma mutanen nan sun san fata in sun taɓa, don haka kada ka kira abin da ba fata ba da sunan fata. Launi ma a faɗe shi da baki, domin hoton da aka ɗauka da tsakar rana yakan haskaka ruwan ƙasa har ya koma kamar ja, wanda aka ɗauka a ɗaki da dare kuma ya yi duhu. Rigimar "ba wannan na gani ba" daga nan take farawa.

A takalmi babu abin da ya kai lamba muhimmanci. Kada ka rubuta "akwai kowace lamba" alhali 41 zuwa 44 kawai gare ka. Mai sa 45 zai turo saƙo, ka ce babu, gobe in ya ga hotonka ba zai tsaya ba. In ɗinkin yana da ɗan matsi, kamar yadda aikin hannu yakan yi, faɗa wa mutane su ƙara lamba ɗaya a kan wadda suka saba sawa. Wannan layi ɗaya zai rage maka dawo da kaya.

Yanzu ga inda nake ganin an fi sakaci, wato gayyatar kanta. Ana rubuta "a tuntuɓe mu" a tsaya, ko kuma a jera lambobin waya uku, a ƙara da "ko a kira, ko a yi magana a ƙasa, ko a zo shago". Mai saye bai san wace ƙofa ce a buɗe ba, kai ma odarka ta warwatse wuri huɗu. Zaɓi hanya ɗaya, wadda ka fi dubawa, kuma yawancinmu WhatsApp ce. Sannan ka faɗi abin da za a rubuto: sunan kayan, lambar ƙafa, da unguwa. Mutumin da bai saba rubutu ba yana jin nauyin fara magana da baƙo, amma in ka ce masa "rubuto: Takalmi 7, lamba 42, Arkilla", ka sauƙe masa wannan nauyin.

Ba wa kayan lamba ko gajeren suna yana da dalili. In mutum ya amsa Status ɗinka na WhatsApp, saƙonsa yana zuwa maƙale da hoton, ka san abin da yake nufi. Amma in a Facebook ya gani ya kwafi lambarka, abin da zai iso maka shi ne "ina son takalmin nan", kai kuma ka sa takalma goma a makon. Daga nan sai a shiga tura hotuna ana "wannan?", "a'a, wancan". Shi ya sa ma hoto ɗaya ya kamata ya ɗauki kaya ɗaya. In ka haɗa takalmi da jaka da hula a rubutu guda, farashi ya rikice, odar ma ta rikice.

A Facebook za ka iya sa adireshin da ake latsawa ya buɗe hira da kai kai tsaye, har da saƙon a rubuce:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20Takalmi%207
```

Bayan 234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, ba alamar tarawa, ba tazara. Rashin cire sifilin nan shi ne yake hana adireshin aiki a wurin mutane da yawa, don haka gwada shi da wayar wani kafin ka sa. A Instagram kuwa adireshin da aka rubuta a ƙasan hoto ba ya latsuwa. Can sai ka ajiye shi a bayanin shafinka, ko ka ce a turo saƙo a nan Instagram ɗin. In ka zaɓi haka, ka riƙa leƙa Requests, domin saƙon wanda ba ka bi yakan sauka can ne, kuma sabon kwastoma galibi irin wannan ne.

Abu na gaba da mai saye yake tunani kafin ya taɓa waya shi ne yadda kayan za su same shi da yadda zai biya. Wanda ke Gawon Nama ko Runjin Sambo ɗan kabu-kabu zai kai masa a ranar. Wanda ke Tambuwal ko Birnin Kebbi ko Gusau sai an sa a mota a tasha. Waye zai biya kuɗin kai kayan? Taransifa ake yi kafin a aiko, ko sai kaya sun iso? Mutane sun sha jin labarin waɗanda suka tura kuɗi aka kashe waya, saboda haka in kana yarda a biya bayan an ga kaya a cikin gari, rubuta shi, zai jawo maka masu shakka. Lambar asusun banki kuwa ba wurinta ba ne a ƙasan hoto. Bar ta sai an tabbatar lambar takalmin tana nan, kada wani ya tura kuɗin abin da ya ƙare.

In aka haɗa duk wannan, rubutun zai koma haka:

"Takalmi 7: takalmin fata na maza, ₦12,000. Saman fatar akuya, ƙasan roba, ɗinkin hannu, launin ruwan ƙasa mai duhu. Akwai lamba 41 zuwa 44, yana da ɗan matsi, a ƙara lamba ɗaya. Muna Mabera, Sakkwato. Cikin gari ana kaiwa a ranar, a biya in an gani, kuɗin kabu-kabu na mai saye. Wajen gari muna sawa a mota bayan taransifa. Mai so ya turo saƙon WhatsApp ta wannan lamba, ya rubuto: Takalmi 7, lambar ƙafarsa, da unguwarsu. Muna amsawa daga ƙarfe 8 na safe zuwa bayan Isha'i."

Lokacin amsawar nan da na sa a ƙarshe ba ado ba ne. Wanda ya turo saƙo da tsakar dare ya san ba raina shi aka yi ba, zai jira safiya. Amma in ka faɗi lokaci, ka cika shi. WhatsApp Business yana da Away message da za ka saita ya sanar da mutum cewa an ga saƙonsa da lokacin da za a amsa.

A Status rubutun nan ya yi tsawo, zai rufe hoton. Can sai ka rage shi zuwa suna da kuɗi da lambobin da ke akwai da "amsa wannan hoton da lambar ƙafarka". Ka tuna Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kawai ke ganinsa, saboda haka baƙo sai ta Facebook ko Instagram zai same ka.

"Saura biyu, a yi sauri" kada ka rubuta shi sai in da gaske biyun suka rage. Garin nan an san juna, wanda ya ga "saura biyu" yau ya sake ganinsa mako mai zuwa ya gane. Haka kuma in lamba 42 ta ƙare, koma ka gyara rubutun a ranar, Facebook da Instagram duk suna barin a gyara. In takalmin ya ƙare gaba ɗaya, sa "ya ƙare" a layin farko, kuma in kana da tabbacin ranar da dukawa za su kawo wani, ka rubuta ranar.